Kafin A Zuba Amsoshi Cikin SPSS: Yadda Ɗalibar Jinya Za Ta Tace Bayananta A Excel

Ɗalibin aikin jinya a Najeriya, ko a kwalejin jinya yake ko a jami'a irin Bayero ta Kano ko Ahmadu Bello ta Zariya ko Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ba ya kammala karatu sai ya rubuta kundin bincike ya kuma kare shi a gaban malamai. Babi na huɗu na kundin shi ne mai teburori da kashi kaza cikin ɗari, kuma galibi da SPSS ake fitar da su, wata manhajar lissafi da ta fito tun 1968, wadda kamfanin IBM ya saye a 2009. Ɗalibai suna tsoron SPSS, amma a ganina tsoron ya sauka a inda bai dace ba. SPSS injin markaɗe ce: abin da aka zuba mata shi take niƙawa, da tsakuwar da komai, kuma ba za ta ce uffan ba. Teburin da ta fitar daga gurɓatattun bayanai kyansa ɗaya da wanda ta fitar daga tsarkakakku. Inda kundi yake gyaruwa ko ya lalace shi ne tsakanin tarin takardun tambayoyi da aka dawo da su daga asibiti da ranar da aka buɗe SPSS, kuma a Excel ake yin wannan aikin.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe, tana bincike kan shayar da nono zalla a tsakanin iyaye mata masu jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ke zuwa rigakafi a wani asibiti. Ta raba takardu 150, an dawo mata da 144, huɗu daga ciki kusan babu abin da aka cike, ta ware su. Saura 140, kowace da tambayoyi kusan talatin. Alƙaluman na misali ne, amma matsalolin da za mu gani su ne ainihin waɗanda ake cin karo da su.

Abu na farko ba a kwamfuta ake yin sa ba. Ta ɗauki biro ta rubuta lamba a saman kowace takarda, daga 1 zuwa 140, ta jera su bi da bi. Wannan lambar ita ce za ta zama abin farko a kowane layi na Excel, ƙarƙashin suna `id`. Duk gyaran da za a yi nan gaba a kanta ya dogara, domin idan aka ga an rubuta wa wata uwa shekara 255, tambayar ita ce me takardarta ta ce, kuma ba a samun takardar sai da lamba. Sunan matar da lambar wayarta ba su da gurbi a fayil ɗin. An yi mata alkawarin sirri lokacin da ta yarda ta amsa, fayil kuwa yana yawo a filashi da shagunan buga takardu.

Tsarin shafin kansa mai sauƙi ne, sai dai Excel tana ba mutum damar ƙawata shi, ƙawar kuma ita ce ke kawo matsala. Kowane layi, daga hagu zuwa dama, mace ɗaya ce. Kowane ginshiƙi, daga sama zuwa ƙasa, amsa ɗaya ce. Layin farko kaɗai ne na sunaye, don haka layi na 2 zuwa na 141 su ne matan. Ba a rubuta taken bincike a sama, ba a haɗe gurabe biyu su zama ɗaya, ba a barin layi ko ginshiƙi fanko don raba sashe da sashe. Launi ma ba ya tsallakawa zuwa SPSS, saboda haka wadda ta shafa wa wasu layuka ja don nuna matan karkara ta yi aikin banza; abin da take bukata shi ne ginshiƙi mai suna `residence`. Sunayen kuwa su zama gajeru, su fara da harafi, babu tazara a tsakiyarsu: `age`, `edu`, `parity`, `baby_age`. Cikakkiyar tambayar tana da wurinta a SPSS, za mu zo kai.

Littafin lambobi

Kafin ta shigar da takarda ko ɗaya, sai ta buɗe wani shafi a cikin fayil ɗin ta rubuta kowace tambaya, da sunan da ta ba ta, da lambar da ke wakiltar kowace amsa. I tana zama 1, a'a tana zama 0, haka kuma za su kasance daga tambayar farko zuwa ta ƙarshe. Wasu suna sa 1 da 2, babu laifi, laifin shi ne a sauya a tsakiyar hanya. Wanda ya ce zai riƙe a ka, idan ya kai takarda ta tamanin bayan ya kwana biyu bai taɓa aikin ba, zai fara tantama ko 3 firamare ce ko sakandare.

Amfanin wannan shafi ya wuce tunatarwa. A nan ne ake yanke hukunci sau ɗaya kan amsoshin da ba su shiga tsarin da aka tanada ba. Ga tambayar ilimi. Ɗalibar ta sa 1 ga wadda ba ta yi kowane irin karatu ba, 2 ga allo ko Islamiyya kaɗai, 3 firamare, 4 sakandare, 5 gaba da sakandare. Da ta fara duba takardun sai ta tarar mata da yawa sun yi alama a wuri biyu, Islamiyya da sakandare, kuma gaskiya suka faɗa, don a garuruwanmu yarinya takan je boko da safe ta je Islamiyya da yamma. Idan ta bar abin ga yadda ta ji a ranar, yau za ta sa 2, gobe ta sa 4. Sai ta rubuta doka a shafin: duk wadda ta zaɓi biyu, matakin bokonta mafi girma za a ɗauka, lamba 2 ta wadda ba ta yi boko ba ce sam. Ko kuma, idan binciken ya damu da karatun addini, ta ba shi ginshiƙinsa daban. Kowanne ta zaɓa ya halatta, muddin an bi shi a kan duka 140 kuma an faɗa a babi na uku.

Shekaru kuwa a shigar da su yadda aka faɗa, 24 ko 31, lamba tsurarta ba tare da `yrs` a gefe ba. Daga baya ana iya tara su rukuni-rukuni, amma wanda ya shigar da rukuni tun farko ba zai iya dawo da ainihin shekarun ba. Idan takardar ce ta zo da rukunai, kamar yawan haihuwa daga ɗaya zuwa biyu, to a ba rukunin lamba, kada a buga `1-2` a gurbin. Excel tana ɗaukar irin wannan a matsayin kwanan wata, ta mayar da shi `2-Jan` ko `1-Feb` gwargwadon saitin kwamfutar, a ƙarƙashi kuma ta ajiye wata lamba mai dubu arba'in da wani abu, domin ita kwanaki take ƙirgawa tun daga farkon 1900. Wanda ya ga irin 45293 a ginshiƙin yawan 'ya'ya, ga asalinta.

Sai tambayar da ake cewa a zaɓi duk wanda ya dace. A takardar ɗalibarmu ita ce ta 12: ban da nono, me kika taɓa ba jaririn? Ruwa, zamzam, zuma, madarar gwangwani, koko. Abin da hannu yake saurin yi shi ne a buga `1,3` a gurbi ɗaya. SPSS za ta ɗauke shi a matsayin rubutu, ta ƙirga `1,3` daban, `3,1` daban, `1,2,3` daban, a ƙarshe a rasa amsar tambaya mafi sauƙi, wato mata nawa ne suka ba da ruwa. A kwamfutar da aka saita da Faransanci, kamar yadda aka saba a Nijar, abin ya fi haka muni, domin waƙafi a can alamar ɗigon lissafi ce, sai `1,3` ya zama ɗaya da ɗigo uku. Maganin shi ne kowane zaɓi ya sami ginshiƙinsa: `q12_water`, `q12_zamzam`, `q12_honey`, `q12_formula`, `q12_pap`, a sa 1 inda aka yi alama, 0 inda ba a yi ba. Tambaya ɗaya ta zama ginshiƙi biyar, kuma haka ya kamata.

Gurbin da ba a cike ba

A nan ne na fi ganin kundi yana karkacewa ba tare da mai shi ya sani ba. Gurbi yana zama fanko saboda dalilai daban-daban, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Akwai matar da ta tsallake tambaya, ko mai tambayar ta manta ba ta yi mata ba. Akwai wadda tambayar ba ta shafe ta ba, kamar a tambayi mai haihuwar fari tsawon lokacin da ta shayar da ɗanta na baya. Akwai kuma wadda ta ce ba ta sani ba, wannan kuwa amsa ce cikakkiya. A tambayar auna sani, "ban sani ba" na daga cikin abin da aka fito nema, don haka tana da lambarta kamar i da a'a, ba a jefa ta cikin waɗanda ba su amsa ba.

Al'adar da aka saba ita ce a ba rashin amsa wata lamba da ba za ta taɓa zama amsar gaske ba, kamar 99 ga wadda ba ta amsa ba, 88 ga wadda abin bai shafa ba. Amfaninta shi ne idan aka gama shigarwa, duk gurbin da aka gani fanko an san mantuwar mai bugawa ce. Sifili bai dace da wannan aiki ba, domin sifili amsa ce: jariri ɗan mako biyu watanninsa sifili ne. Haka kuma ba a rubuta `nil` ko `N/A` ko ɗan layi a ginshiƙin lambobi.

Amma 99 tana da sharaɗi, shi ne a sanar da SPSS cewa ba amsa ba ce. Ga abin da ke faruwa idan aka manta. Mata 134 sun faɗi shekarunsu, matsakaicinsu 27. Shida ba su faɗa ba, an sa musu 99. SPSS za ta tara duka ta raba da 140, ta ba da matsakaici 30.1. Babu abin da zai ja hankali, domin shekara talatin ga uwa mai shayarwa ba abin mamaki ba ne, haka lambar za ta shiga kundi, a kuma gina bayani a kanta. Abin da ke tona wannan shi ne duba mafi girman lamba a ginshiƙin: uwar jariri mai shekara 99.

Wani abu kuma da ake yi a ɓoye, gara a faɗe shi a fili: cike gurbi da abin da ake zaton matar za ta ce. Ɗaliba takan ji tsoron kada malami ya ga jimillar wani tebur 133 maimakon 140, sai ta ƙarasa da hannunta. Wannan ƙirƙirar bayanai ce, ba gyara ba. Tebur mai 133 da aka rubuta a ƙasansa cewa mata bakwai ba su amsa ba, babu malamin kirki da zai ƙi shi.

Farautar kuskure

Da an gama shigarwa, ta ajiye wannan shafin da suna `raw`, kada ta ƙara taɓa shi. Ta kwafe shi zuwa sabon shafi, `clean`, a nan za a yi duk gyara. Shafi na uku kuma na gwaji ne, inda za ta rubuta 'yan lissafin bincike, domin idan ta rubuta su a ƙasan bayanan, SPSS za ta ɗauke su a matsayin ƙarin mata. Huɗu sun isa a fara da su a kan ginshiƙin shekaru:

```
=MIN(clean!B2:B141)
=MAX(clean!B2:B141)
=COUNT(clean!B2:B141)
=COUNTA(clean!B2:B141)
```

Na farko da na biyu suna nuna mafi ƙanƙanta da mafi girma, a nan 255 take bayyana, ko 2 da aka buga a maimakon 22. Na uku yana ƙirga guraben da ke ɗauke da lamba ta gaske, na huɗu yana ƙirga duk gurbin da ke da wani abu a ciki. Idan na uku ya ce 137, na huɗu ya ce 140, akwai gurabe uku da ido yake ganin lamba amma Excel tana ganin rubutu: wataƙila an sa harafin O a wurin sifili, ko `25yrs`. Sau da yawa irin waɗannan suna jingina ta hagu a gurbin, alhali lambobi ta dama suke jingina. Ga tambayoyin zaɓi kuwa, `Filter` ta wadatar. A danna kibiyar saman ginshiƙin `edu`, jerin da ya sauko bai kamata ya wuce 1 zuwa 5 da 99 ba. Idan aka ga 6 ko 44, a zaɓe ta, a duba `id`, a jawo takardar. Takardar da aka shigar sau biyu kuma `=COUNTIF(A:A,A2)` ne ke kama ta, duk inda ya ba da 2.

Dokar gyaran ɗaya ce. Shekara 255 tana iya zama 25, amma tana iya zama 55 ko 35, don haka ba a gyarawa da ka, takarda ake dubawa. Idan takardar ta ce 25, a gyara. Idan a takardar ma abin da aka rubuta ba ya karantuwa, ya koma 99. Kowane gyara a rubuta shi a gefe: takarda ta 63, `age`, daga 255 zuwa 25. Rubutun ba ya cin minti ɗaya, kuma shi ne amsa a ranar kare kundi idan aka tambaya me aka taɓa.

A kula da `Sort`. Idan aka zaɓi ginshiƙi ɗaya aka jera shi daga ƙarami zuwa babba ba tare da sauran sun bi shi ba, shekarun wata sun koma layin wata, dukan ginshiƙin ya rabu da masu shi. Excel takan yi gargaɗi, amsar kuma ita ce `Expand the selection`. Muguntar wannan kuskure ita ce matsakaici da kashi cikin ɗari ba sa canjawa ko kaɗan, sai an zo gwada alaƙa tsakanin shekaru da shayarwa ne sakamakon zai zama shirme mai kama da gaskiya. Hanyar ganewa ita ce a zaro takardu biyar a kwatanta da layukansu. Dalilin ajiye `raw` ke nan.

Wadda ta tattara amsoshi ta Google Forms, ko ta riga ta buga su da kalmomi, aikinta mayar da kalma lamba ne, kuma `Find and Replace` yana da tarkonsa. Idan aka ce a mayar da `Agree` ya zama 4, zai shiga cikin `Disagree` ya bar `Dis4`, ya mayar da `Strongly agree` ya zama `Strongly 4`. A zaɓi ginshiƙan da ake nufi kaɗai, a kuma yi alama a `Match entire cell contents`. Har ila yau `Filter` ba ta bambanta `Yes` da `yes`, SPSS kuwa tana ƙirga su amsa biyu daban. Shi ya sa gara komai ya koma lamba tun a Excel.

Duk waɗannan suna kama lambar da ba ta yiwuwa ne. Wanda ya buga 0 a wurin 1 ya buga lamba halattacciya, babu lissafin da zai gane. Ga wannan sai ido: a zaro takarda ɗaya cikin kowace goma, 14 ke nan, wata ƙawa tana karanta takarda da ƙarfi, mai aikin tana bin layi. Idan kuskuren da aka samu ya taru a wani yanki, misali takardun da aka buga cikin dare ɗaya, a sake duba yankin gaba ɗaya.

Amsar da ta saɓa wa 'yar'uwarta

Yanzu mun zo wurin da tacewa take bukatar sanin aikin jinya, ba sanin kwamfuta kaɗai ba. Tambaya ta 11 ta ce: nono zalla kike ba jaririnki? Mata 56 suka ce i, 77 suka ce a'a, bakwai ba su amsa ba. Tambaya ta 12 kuma ita ce ta ruwa da zamzam da sauransu. Idan amsar 11 tana ginshiƙin F, zaɓuka biyar na 12 suna G zuwa K, wannan lissafin zai yi alama a duk layin da matar ta ce i amma kuma ta ambaci wani abu:

```
=IF(AND(F2=1,COUNTIF(G2:K2,1)>0),"duba","")
```

A ce layuka 21 sun fito. Ɗalibar ta jawo takardun 21. Biyu daga ciki kuskuren bugawa ne, takarda ta ce a'a, ita ta buga 1; ta gyara su, masu i suka koma 54. Sauran 19 kuwa abin da ke kan allo shi ne ke kan takarda. Matar ta ce nono zalla take bayarwa, ta kuma ce tana ba da ruwa.

Wanda ya taɓa zama a ɗakin rigakafi ya san yadda hirar take gudana. "Maman jariri, nono zalla kike ba shi?" "I, Sista, bai fara cin komai ba." "Ruwa fa?" "Ai ruwa dole, da wannan zafin." Ba ƙarya ta yi ba. A wurinta nono zalla yana nufin ba a fara koko ko madara ba, ruwa kuwa ba abinci ba ne, zamzam da aka ɗiga masa ranar haihuwa kuma tabarruki ne. A ma'anar Hukumar Lafiya ta Duniya, shayar da nono zalla na nufin ko ruwa ba a bayarwa har wata shida, in ban da magani da ɗigon bitamin da ruwan gishiri da sukari idan an bukata. Ma'ana biyu ne suka haɗu a takarda ɗaya.

Kuskure ne babba ɗalibar ta "gyara" waɗannan 19, ko ta mayar da i ɗinsu a'a, ko ta goge ruwan don amsoshin su daidaita. Sai ta bar ginshiƙan biyu yadda matan suka faɗa, ta ƙara sabo, `ebf_true`, wanda yake zama 1 kawai idan matar ta ce i kuma ba ta ambaci komai a tambaya ta 12 ba. Yanzu tana da alƙaluma biyu. Waɗanda suka ce suna yi, 54 cikin 133 da suka amsa, kashi 40.6 cikin ɗari. Waɗanda suka cika ma'anar, 35 cikin 133, kashi 26.3. Tazarar da ke tsakani, a ra'ayina, ita ce abu mafi daraja a kundin baki ɗaya, domin tana gaya wa ma'aikatan asibitin cewa saƙon ya isa kunnen mata amma maganar ruwa ba ta shiga ba. Sai dai dole ta fayyace lokacin da take nufi. Jaririn da aka ba zamzam sau ɗaya ranar haihuwa, tun daga nan nono kaɗai, ya faɗi idan ma'aunin "tun haihuwa" ne, ya tsallake idan ma'aunin "jiya da daren jiya" ne, wanda shi ne manyan binciken ƙasa suka fi amfani da shi. Wannan hukunci na ta ne da malamin da ke duba aikinta, kuma a littafin lambobi zai zauna. Haka idan wata ta rubuta maganin zazzaɓi a gurbin "wani abu daban", ba a cire ta daga masu nono zalla.

Tambayoyin ra'ayi suna da irin nasu. Idan ma'aunin mataki biyar ne, daga 1 ga ƙin yarda ƙwarai zuwa 5 ga yarda ƙwarai, jimla kamar "nonon uwa ya ishi jariri har wata shida" maki mai yawa a kanta alheri ne. Amma "jariri yana bukatar ruwa lokacin zafi" a juye take, wadda ta yarda ƙwarai ita ce mai ƙarancin fahimta. Idan aka tara su haka, ɗaya tana cinye ɗaya. Ana juya irin wannan ta hanyar cire amsar daga 6, ko daga 5 idan ma'aunin mataki huɗu ne, a sabon ginshiƙi, tare da kare 99 don kada ta koma -93:

```
=IF(M2=99,99,6-M2)
```

Duk ginshiƙin da lissafi ya samar, a kwafe shi a liƙa da `Paste Special` sannan `Values`, ya zama lambobi tsayayyu. Ginshiƙin "duba" kuma a goge shi, ya gama aikinsa.

Tsallakawa

Ta ajiye fayil ɗin, ta rufe Excel, ta buɗe SPSS: `File`, `Import Data`, `Excel`, a tsofaffin fitowa `File`, `Open`, `Data`. Ta zaɓi shafin `clean`, ta tabbatar akwai alama a `Read variable names from first row of data`. Abin farko da za ta duba shi ne layi na ƙarshe a `Data View`. Ya zama 140. Idan 143 ne, wani abu da aka bari a ƙasan shafin ya biyo.

Daga nan sai `Variable View`. A ƙarƙashin `Type` kusan komai ya zama `Numeric`. Ginshiƙin lambobi da ya fito `String` yana nufin rubutu ya saura a cikinsa. Sababbin fitowar SPSS ma ba lallai su nuna haka ba, domin suna duba abin da ya fi yawa a ginshiƙin, idan kashi 95 cikin ɗari lambobi ne sai su ɗauke shi na lambobi, 'yan guraben rubutun su koma ɗigo, wato babu amsa, ba tare da sanarwa ba. A `Label` ake rubuta cikakkiyar tambaya, a `Values` ma'anar kowace lamba daga littafin lambobi, a `Missing` kuma 88 da 99. Gurbin yana karɓar lambobi har uku. `Measure` ya zama `Scale` ga shekaru, `Ordinal` ga matakan yarda, `Nominal` ga i da a'a da sana'a. Mai son sauri yana iya rubuta su a tagar `Syntax`:

```
VALUE LABELS ebf ebf_true 1 'Yes' 0 'No' 99 'No response'.
MISSING VALUES age ebf ebf_true (88, 99).
FREQUENCIES VARIABLES=ALL.
```

Layin ƙarshe yana fitar da tebur ga kowace tambaya, kuma kafin a yi wani gwaji sai an karanta su duka, ɗaya bayan ɗaya, da littafin lambobi a gefe. Lambar da ta fito tsirara ba tare da suna ba, ko baƙuwa ce ko an manta ba a yi mata suna ba. Teburin `ebf` zai nuna 54 a gaban `Yes`, da 38.6 a ƙarƙashin `Percent`, da 40.6 a ƙarƙashin `Valid Percent`. Na farko an raba da duka 140, na biyu da 133 da suka amsa. Idan biyun suka zo daidai alhali an san akwai waɗanda ba su amsa ba, `Missing` ba ta zauna ba. Galibi na biyun ake kai wa kundi, a rubuta 133 a gefensa.

Idan wani kuskure ya ɓullo a wannan mataki, kuma yakan ɓullo, ta gyara shi a wuri biyu, a SPSS da shafin `clean`, ta ƙara shi a jerin gyare-gyare, don kada fayil biyu su riƙa faɗin abu biyu. Sannan ta ajiye na SPSS da ƙarshen `.sav`, wanda shi ne yake riƙe sunaye da ma'anonin da ta sha wahalar sawa, ta kwafe shi tare da na Excel zuwa wani wuri da ba wannan kwamfutar ba. Takardun 140 kuma su zauna a ɗaure bisa jerin lambobinsu, a inda ba kowa ke kai hannu ba, har sai an kare kundin an sa hannu.